Wasiƙar ranar haihuwa da ta shiga tsakanin wa da ƙanwa: nazarin wani lamari a Katsina

## Gidan da mutanen cikinsa

Gidan yana cikin birnin Katsina, ta wajen Ƙofar Marusa. Mahaifin ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mahaifiyar kuma tana sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. 'Ya'yansu biyar. Babban namiji ne, yana cika shekara 30 a lokacin da abin ya faru. Wadda ta rubuta wasiƙar ita ce ta uku, shekararta 22, tana aji uku a jami'a. Ni na koyar da ita Hausa a sakandare, shi ya sa ta kawo mini maganar. Su biyun sun yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba za a ambaci suna ba.

Yayan ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya shekara uku yana neman aiki. Da dare yana zama a shagon wani abokinsa da ke cajin waya da hada-hadar kuɗi, sai wajen ƙarfe sha biyu ya rufe. In ya yi sallar asuba ya koma, ba a sake ganinsa sai ƙarfe goma.

Abubuwa uku aka san shi da su a gidan, kuma ana yi musu dariya a tsakar gida yana zaune. Na farko makara. In ya ce a waya "ga ni nan Ƙofar Ƙaura", kowa ya san ko takalmi bai sa ba. Na biyu barcin safen nan. Na uku girki, kuma wannan yana da tarihi. Shekara biyu kafin nan mahaifiyar ta tafi Daura jinyar kakarsu ta yi kwana tara, ita ƙanwar tana makaranta ana jarrabawa, babbar 'yar kuma ta yi aure. Shi ya shiga madafa ya ciyar da mahaifinsu da ƙananan biyu. Tuwon masarar da ya yi bai yi talge ba. Maimakon ya dama gari da ruwan sanyi ya zuba a tafasasshen ruwa, ya bar shi ya dahu, sannan ya riƙa ƙara busasshen gari kaɗan-kaɗan yana tuƙawa da muciya, sai ya juye garin gaba ɗaya a ruwan zafi. Tuwon ya fito da gudaji, in an fasa gudajin a tarar da ɗanyen gari fari fat a ciki. Kukar ma haka ya juye ta lokaci guda, ba barbaɗawa ba kaɗawa da maburgi, ta dunƙule. Ran da ya yi shinkafa da wake kuwa, kanwar da ya jefa ta kai dunƙulen hannun yaro, alhali guntu kamar ƙwayar gyaɗa ya isa. Waken ya narke, shinkafar ta yi ja, abincin ya yi ɗaci.

Shi da ƙanwar sun saba. Tana ce masa Yaya, tana rusunawa in za ta gaishe shi, amma in sun zauna su biyu sukan zolayi juna har mahaifiyar ta ce su tashi mata daga ƙofar ɗaki. Gidan ba a yin bikin ranar haihuwa, mahaifin ba ya so. Yaran dai sukan tura wa juna addu'a a waya.

## Ranar haihuwar

Ta yi kusan mako biyu tana tsara wasiƙar a wayarta. Jimla 12 ce. Goma sha ɗaya zolaya, ta ƙarshe addu'a ce ta layi ɗaya. Da ƙarfe bakwai na safiyar ranar, wata Laraba, ta tura ta guruf ɗin dangi na WhatsApp. Mutum 43 ne a ciki: 'yan uwa, 'ya'yan baffanni, gwaggonni biyu, matan yayye, da kawunsu, wan mahaifiyar. Wannan kawun shi ke kai-komo a maganar auren da aka fara yi wa yayan da wata yarinya.

Jimloli uku daga ciki su ne suka zama magana daga baya:

"Yau shugaban ƙungiyar cima-zaune na jihar Katsina ya cika shekara talatin."

"Mutumin da aka kira intabiyu Kano ya isa bayan masu shara sun tashi."

"Matar da za ta aure ka, Allah Ya ba ta haƙuri da jari."

Sauran kan tuwo ne, da kanwa, da makara, da barci.

Cikin awa ɗaya yaran dangi suka cika guruf da alamun dariya. Wata gwaggo ta rubuta: "Ai gaskiya ta faɗa." Kawun ya rubuta kalma uku: "Allah Ya shirya." Yayan yana barci duk wannan lokacin. Ya farka wajen ƙarfe goma, ya tarar da saƙonni sama da sittin a kansa. Bai ce komai ba. Ƙarfe sha ɗaya saura ya fita daga guruf ɗin.

Akwai abin da ita ba ta sani ba a ranar. Kwana tara kafin nan ya samu labarin cewa wani aikin da ya yi wata huɗu yana bi, har ya ci bashin kuɗin mota sau biyu a kansa, an ba wani. Mahaifiyarsu kaɗai ya gaya wa.

## Kwana 1 zuwa 11: abin da aka gwada

Da azahar ta ga ya fita daga guruf, sai ta goge wasiƙar, ta tura masa saƙo: "Haba Yaya, wasa fa nake yi." Ya karanta, bai amsa ba. Gogewar ba ta amfana komai ba, domin mutum biyu aƙalla sun riga sun ɗauki hoton saƙon, ɗaya har ya ɗora a sitatus ɗinsa.

Daga ranar ya daina cin abincin dare a gida. In ta gaishe shi yakan amsa da "lafiya lau" ba tare da ya ɗago kai ba. Bai yi mata faɗa ba, bai kai ƙara ba.

A rana ta huɗu mahaifiyar ta kira su ɗaki, ta sa ƙanwar ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ta ce: "Yaya, ka yi haƙuri idan na ɓata maka rai." Ya ce: "Ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Mahaifiyar ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, aka tashi. Ya koma cin abinci a gida daga ranar, don bin umarnin uwa, amma a shagonsa da ke jikin soro yake ci, ƙaramin ƙanensu ke kai masa. Hira ba ta dawo ba.

A rana ta bakwai ta ɗora hotonsa a sitatus da yabo mai tsawo: gwarzon yaya, bango majinginar ƙanne, da sauransu. 'Yan dangin da suka ga wasiƙar farko suka gane dalili. Wani ɗan baffa ya rubuto mata: "An fara biyan tara ke nan?" Labari ya koma wa yayan. Ya aiko ƙaramin ya ce ta cire hoton.

Bayan wannan ta daina gwada komai. Ta shiga yi masa ladabi fiye da kima, ta daina dariya in yana wurin. Ƙananan ma suka daina ambaton tuwon nan. Mahaifiyar ta gaya mini daga baya cewa wannan makon ya fi na farko yi mata nauyi, gida ya koma kamar an yi baƙo.

## Kwana 12: an zauna da wasiƙar

Ta zo gidana ranar Lahadi da yamma da hoton saƙon. Na sa ta kwafe jimlolin 12 a takarda, kowace a layinta. Sannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi biyu. Wannan abin da kika faɗa, shi kansa ya taɓa ba da labarinsa yana dariya? Kuma jimlar tana faɗin abin da ya yi wata rana ne, ko tana raɗa masa suna?

Jimlolin girki guda huɗu duk sun tsallake. Shi da bakinsa yake ba abokansa labarin kanwar. Na makara uku ne, biyu sun tsallake, amma ta intabiyun Kano ta faɗi. Da na tambaye ta ko ta taɓa jin ya yi dariyar wannan, ta yi shiru, sannan ta ce ranar da ya dawo ko abinci bai ci ba. Motar da ya shiga ce ta lalace a hanya, ko da yake shi ma bai fita da wuri ba. Na lalaci huɗu ne, kuma babu ɗaya a ciki da ke ba da labarin wani abu da ya faru. Duka sunaye ne: cima-zaune, rago, sarkin barci, sai maganar mata da jari.

A nan na tsaya na tuna mata darasin da muka yi a aji, domin Hausa ta raba waɗannan abubuwa da sunayensu. Zolaya ita ce ka taɓa mutum inda ba ya ciwo, ku yi dariya tare. Gori shi ne ka tuna masa rashinsa ko abin da ake yi masa. Habaici jifa ne a fakaice. Zambo kuwa siffanta mutum ake yi don a muzanta shi a gaban jama'a, irin na maroƙa da mawaƙan fada ga abokin hamayyar ubangidansu. Jimla ɗaya tana iya zama zolaya a ɗaki, ta zama zambo a dandali, ba a canza mata ko harafi ba.

Sai kuma maganar wa ke da lasisin wasa da wa. Al'ada ta ba taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, damar su yi wa juna tsiya a gaban kowa. Ta ba jika da kaka. Ta ba Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa. In taubashiya ta ce da mutum rago a taron suna, kowa ya san gurbin da zai ajiye maganar. Ƙanwa da wanta ba sa cikin wannan jerin. Wasan da ke tsakaninsu nasu ne su biyu, su suka gina shi, mutanen waje ba su san da shi ba. Kawu da ya karanta wasiƙar bai ga wasa ba. Ya ga shaida daga cikin gida, daga bakin wadda ta fi kowa sanin yaron, a daidai lokacin da dangin yarinya ke tambayarsa sana'ar mai neman 'yarsu.

Duk wannan hasashena ne a ranar. Ba mu ji daga bakinsa ba. Na ce kada ta rubuta komai sai an ji.

## Kwana 15: abin da taubashiya ta jiyo

Suna da taubashiya, 'yar gwaggonsu, sa'ar yayan, tana aure a Daura. Ita aka roƙa. Ta kira shi, ta fara da tsiyar da ta saba yi masa, har ta kira shi angon da ba ranar biki. Ya yi dariya, ya rama. Sannan ta tambaye shi abin da ya haɗa shi da ƙanwarsa.

Abin da ta kawo gajere ne. Ya ce maganar tuwo da kanwa ba ta dame shi ba, da ya karanta ta har murmushi ya yi. Kalmar cima-zaune ce, a gaban Kawu. Ya ce kullum sai sha biyun dare yake dawowa, kuma daga abin da yake samu ne yake saya wa ƙanwar kati, ita ta sani. Ya kuma ce haƙurin da ta ba shi, ta ce "idan na ɓata maka rai", wato har yanzu ba ta san me ta yi ba. A nan ne ya gaya wa taubashiyar labarin aikin da ya kuɓuce, ya ce ta iya faɗa.

Ya ƙara da wani abu da ban zata ba. Ya ce yanzu in ya shigo gida kowa sai ya kama kansa, kamar mai ciwon da ake ɓoye masa sakamakon asibiti.

## Kwana 17 zuwa 21: haƙuri daban, wasiƙa daban

Abu biyu ta yi, kuma ba ta haɗa su rana ɗaya ba.

A rana ta 17 ta same shi a shagonsa bayan la'asar, ba kowa. Ta ce: "Yaya, na kira ka cima-zaune a gaban Kawu, kuma ba gaskiya ba ne. Na yi dariya da maganar Kano alhali na ga yadda ka dawo ranar. Ka yafe mini." Ba ta ce wasa take yi ba. Ya ce ya yafe, ya tambaye ta yaushe za su koma makaranta. Washegari ta je gidan Kawu da kanta, ta gaya masa aikin da yayan ke yi da dare da abin da yake ɗauka a gida.

Wasiƙa ta biyu ta ɗauke ta kwana uku. Da biro ta rubuta, a takarda shafi ɗaya da rabi. Na karanta, taubashiyar ma an karanta mata a waya, ta sa aka cire layi ɗaya da ya taɓo aure. Abubuwa ukun nan duk suna ciki. Ga wani ɓangare:

"Yaya, barka da cika shekara talatin da kwana ashirin da ɗaya. Na makara da wasiƙar nan mako uku, ka ga jini ba ya ƙarya.

Ina tuna ɗaurin auren Daura da aka sa ƙarfe sha ɗaya. Ka ce mana kana Ƙofar Ƙaura, muna jin ƙarar bokiti a wayar. Ka iso an raba goro da dabino, an shafa fatiha, ango har ya cire babbar riga. Amma kai ka tsaya ka kwashe tabarmi, kai ka mai da Gwaggo gida.

Ina tuna ran da ka aiki auta ya miƙo maka rimot, yana bayan gida, rimot ɗin yana kan cinyarka.

Tuwon da ka yi lokacin da Mama take Daura, auta ya ce ya fasa guda ɗaya gari ya tashi masa a fuska. Waken kuwa, an ce ka sa kanwa ne, kai ka ji kamar an ce ka sa ƙanwa, ka nemo mai girmana. Baba ya ci loma biyu ya ce yau azumin nafila ya kamata ya yi. Amma kwana tara ka yi kana hura wuta, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya kwana da yunwa. Ni ina ɗakin kwanan ɗalibai ina karatu da katin da ka turo.

In Allah Ya kai mu Asabar zan koya maka talge. Ƙarfe huɗu. Na san biyar za ka zo."

Ta rufe da addu'a ta layi biyar, ta ambaci buɗi da mace tagari da tsawon rai cikin biyayyar iyaye. Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin kwanon abincin darensa a rana ta 21.

## Kwana 24 da bayansa

Kwana biyu bai ce komai ba. Ranar Juma'a da dare, suna tsakar gida, ya cewa mahaifiyar a gaban kowa wai a binciki miyar da ƙanwar ta yi, gishirin ya isa a jiƙa fata. Ƙananan suka fashe da dariya. Ranar Asabar ya shigo madafa ƙarfe biyar da kwata. Tuwon ya yi ɗan ruwa, amma babu gudaji.

Guruf ɗin dangi bai koma ba sai bayan wata huɗu, da ƙaramar Sallah. Maganar auren ta ci gaba, sai dai mahaifin ya sake zama da Kawu kafin a tura wa dangin yarinyar amsa. Hoton wasiƙar farko yana nan a wayoyin wasu, kuma wani ɗan baffa ya ci gaba da kiransa "shugaba" na tsawon watanni. Makara da barcin safe suna nan yadda suke. Da shekara ta zagayo ta sake rubuta masa a takarda, shi kuma ya karanta wa mutanen gida da kansa.

## Abin da na gani a lamarin

A ganina zolayar ba ita ce ta jawo ɓacin ran ba, tunda wasiƙa ta biyu ta fi ta farko yawan tsiya a kan girki, kuma ita ce ta gyara. Cikin abubuwa ukun, lalaci ne mai haɗari. Makara da mugun girki aukuwa ne, suna da rana da wuri, ana ba da labarinsu a wuce. Lalaci hali ne, kuma ga saurayi ɗan shekara 30 da ke gidan ubansa yana neman aiki da aure, kalmar tana taɓa abin da ke hana shi barci. Shi ya sa a wasiƙa ta biyu lalacin ya koma labarin rimot, abu ƙarami da ya faru sau ɗaya, wanda ba ya cewa komai game da neman abincinsa.

Mutum 43 ɗin nan su ne kuskure na biyu, kuma ya kai na farko girma. Lokacin turawar ma ya ƙara: awa uku ana dariya yana barci, bai samu damar ramawa ba, alhali wasan Bahaushe ba ya cika sai an rama.

"Wasa nake yi" ta gaza ne domin ta ɗora masa laifin rashin gane wasa. Haƙurin gaban uwa ya dawo da shi kan kwanon gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kalmar "idan" ta bar ainihin laifin ba a ambata ba. Yabon sitatus ya sake kiran taron da ya kunyata shi a gabansu. Ladabin da ya biyo baya kuwa ya tabbatar masa da cewa gidan ya ɗauki maganar da gaske, ana tausayinsa.

Ban yarda cewa wasiƙa ta biyu ita kaɗai za ta yi aiki ba. Da ta zo kafin haƙurin rana ta 17 da zuwa gidan Kawu, da ya karanta ta a matsayin ƙari. Kuma ba a rubuta ta a makance ba, sai da aka ji daga bakinsa inda ke ciwo da inda ba ya ciwo. Ta yi aiki ne a gidan da wa da ƙanwa suka riga suka saba wasa tun suna yara. Babbar 'yar gidan mai aure, wadda ba ta taɓa zolayarsa ba, ta ce ita ma za ta rubuta irinta bana. Mahaifiyar ta ce ta tura addu'a kawai.